Daga Aji Zuwa Garke: Me Ya Sa Allurar Sinadarin Maza Ke Rage Ƙwayoyin Haihuwa?

Darasinmu na wannan mako yana cikin babin haihuwa na bayoloji, kuma zan fara shi da tambaya. Sinadarin testostiron shi ne ke sa namiji ya balaga, muryarsa ta buɗe, gemu ya fito, kuma in babu shi jiki ba zai ƙera ƙwayoyin maniyyi ba. To me ya sa namijin da ke yin allurar wannan sinadari a kai a kai sai ƙwayoyinsa su ragu, wani ma su ƙare ƙarƙaf? Amsar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa da 'yan maraina ke aika wa juna saƙo. Wanda ya taso a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi ko Bichi ya riga ya ga rabin amsar a turken awakin gidansu.

Mu fara da masu ba da umarni. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna haifotalamus, wanda ke sakin sinadarin GnRH. Ba ya kwararo shi kamar famfo, yana sakinsa ne ɗis-ɗis, kusan sau ɗaya a kowace awa ɗaya da rabi zuwa biyu a jikin baligi. GnRH yana gangarawa zuwa wani ƙullutu da ke dab da shi, mai suna fitutari, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Da ya isa, sai fitutari ya saki sinadarai biyu cikin jini, wato LH da FSH.

Dukansu 'yan maraina suka nufa, amma kowanne da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Cikin maraina cike yake da siraran bututai da suka nannaɗe kamar zare, kuma a cikinsu ake ƙera ƙwayoyin maniyyi. A tsakankanin bututan akwai ƙwayoyin halitta da ake kira Leydig, sunan Bajamushen da ya bayyana su a 1850. Su LH ke umarta, sai su samar da testostiron. A cikin bututan kuma akwai ƙwayoyin Sertoli, sunan ɗan Italiyan da ya bayyana su a 1865. Su ne masu reno: suna riƙe ƙwayoyin maniyyi tun suna ƙanana, suna ciyar da su har su yi kai da wutsiya. FSH ne ke zaburar da su, amma ba za su kammala aikin ba sai testostiron ya shigo musu daga maƙwabtansu na Leydig.

Ga wani abu da nake so ku riƙe da kyau. Testostiron da ke cikin maraina ya ninka wanda ke yawo a jini sau 50 zuwa 100. Wannan tarin na cikin gida shi ƙwayoyin Sertoli ke bukata. Wanda ke jini ragowa ce da ta malalo waje, kuma ita ke aikin murya, gashi, tsoka da sha'awa.

To wa ke cewa aiki ya isa? Saƙonni biyu ne ke komawa sama. Na farko testostiron ne da kansa. In ya yi yawa a jini, sai ya sa haifotalamus ya rage sakin GnRH, fitutari kuma ya rage LH. Ƙwayoyin Leydig sai su sassauta, testostiron ya sauka, daga nan birkin ya saki, LH ya sake hawa. Saƙo na biyu daga ƙwayoyin Sertoli yake fitowa, sunansa inhibin. Idan bututan na aiki lafiya, inhibin yana da yawa, sai ya je fitutari ya rage FSH kaɗai, bai taɓa LH ba. Wani masani mai suna McCullagh ne ya raɗa masa suna a 1932, bayan gwajin da ya yi da ɓeraye, amma sai a 1985 aka iya tace shi. Wannan tsari, inda abin da aka samar ke komawa ya taka wa mai ba da umarni birki, shi malaman bayoloji ke kira negetif fidbak.

Ku ɗauki misalin mai noman rani a bakin madatsar ruwan Tomas. Yana zaune kusa da injin ban ruwa, ba ya hango cikin fangalolin, abin da yake gani kawai shi ne ruwan da ke malalowa ta kwatar ƙarshen gona. In kwata ta cika, ya san gona ta sha, sai ya rage wuta. In ta bushe, sai ya ƙara. Haka ƙwaƙwalwa take, ba ta leƙa cikin maraina, jini kawai take karantawa.

Yanzu mu gwada tsarin da misalai uku, mu ga ko zai riƙe.

Na farko shi ne taure. Idan aka dandaƙe ɗan bunsuru, ko ma'aikacin dabbobi ya matse jijiyar da ke kai wa 'yan maraina jini da abin matsewa, sai su motse su daina aiki. Babu testostiron, babu inhibin. Shi ya sa taure ba ya warin bunsuru, ba ya bin awaki, ya fi natsuwa kuma ya fi saurin tara kitse. Abin da ido ba ya gani shi ne halin da fitutarinsa ke ciki. Birki biyu sun tafi lokaci guda, don haka LH da FSH dukansu suna hawa sosai a jininsa. Mai inji ne ya ga kwata a bushe, yana ta ƙara wuta, alhali babu sauran gonar da za ta amsa.

Na biyu shi ne hangum. Idan wannan cuta ta kama wanda ya riga ya balaga, takan sauka wa wasu a maraina, su kumbura su yi zafi. Galibi gefe ɗaya take kamawa, kuma mafi yawan masu ita suna haihuwa daga baya. Amma in ta yi tsanani a gefe biyu, tana iya lalata bututan, ta bar ƙwayoyin Leydig da sauran ƙarfinsu. Me za mu gani a jini? Inhibin ya sauka, don haka FSH ya hau. Testostiron kuwa sau da yawa yana nan daidai, LH ma haka. Wannan mutum yana da gemu, murya da ƙarfinsa, amma ƙwayoyinsa kaɗan ne. Daga nan za ku gane cewa kamannin namiji ba su ne ma'aunin haihuwarsa ba, kuma in aure ya daɗe babu haihuwa, gwaji ya shafi miji kamar yadda ya shafi mata.

Na uku shi ne tambayar da muka fara da ita. A ce wani matashi mai ɗaga ƙarfe yana son ƙirji da damtse, sai ya fara yin allurar testostiron duk mako ba da umarnin likita ba. Mu ƙaddara testostiron na jininsa mudu 1 ne, na cikin marainansa mudu 100. Allura ta ɗaga na jini zuwa mudu 2. Ƙwaƙwalwa ta karanta jini, ta ga ya wuce kima, sai ta rage GnRH, LH da FSH suka faɗi ƙasa warwas. Ƙwayoyin Leydig ba su samun umarni, suka ajiye aiki. Bincike ya nuna a irin wannan hali testostiron na cikin maraina yana faɗuwa da fiye da kashi 90 cikin 100, wato daga mudu 100 zuwa ƙasa da 10. Mudu 2 na jini ba zai cike wannan giɓi ba. An zuba ruwa a kwata daga wani wuri, mai inji ya kashe wuta, gona kuwa tana bushewa.

Wannan ba lissafin takarda ba ne kawai. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi da maza 271 a ƙasashe bakwai, inda aka riƙa yi musu allurar testostiron miligiram 200 duk mako, don a ga ko za ta yi aikin tazarar haihuwa ga maza. A cikin wata shida, 157 daga cikinsu ba a samu ƙwayar maniyyi ko ɗaya a gwajinsu ba.

Me ya sa matashin ba zai lura da wuri ba? Domin ƙera ƙwayar maniyyi a jikin mutum yana ɗaukar kimanin kwana 74, sannan ta ƙara kwanaki a bututun ajiya kafin ta nuna. Waɗanda ke kan hanya za su ci gaba da fitowa, sai bayan wata uku zuwa huɗu giɓin zai bayyana sosai. Ruwan maniyyin ma ba zai tona asiri ba, don mafi yawansa daga wasu ƙullutai yake fitowa, ba daga maraina ba. Alamar da za a iya ji ita ce 'yan maraina su ƙanƙance su yi laushi, saboda bututan ne mafi yawan girmansu. Tabbaci kuwa sai a asibiti: a ƙirga ƙwayoyin da madubin likita, a kuma auna LH da FSH. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙaramin adadin da ake sa ran gani a miliyan 16 a kowace mililita.

Yana dawowa in an daina? Ga masu lafiyar da aka yi wa gwaji ƙarƙashin kulawar likitoci, kimanin biyu cikin uku sun farfaɗo a wata shida, tara cikin goma a shekara guda, sauran kuma zuwa shekara biyu. Wanda ya daɗe yana yi, ko yake haɗa iri-iri da yawa, nasa kan fi jinkiri, kuma yakan sha fama da kasala da mutuwar sha'awa a tsakani, don na waje ya tsaya, na ciki bai farka ba. Ga wanda bai gama girma ba akwai ƙarin asara: sinadarin na iya rufe wuraren tsiron ƙashi da wuri, tsawonsa ya tsaya. Akwai dai marasa lafiyar da jikinsu ba ya samar da testostiron, waɗanda likita ke rubuta wa shi bayan gwaji, wannan daban ne.

Idan tambayar ta fito muku a WAEC ko NECO, ku zana layi biyu. GnRH zuwa LH, zuwa Leydig, zuwa testostiron, wanda ke komawa ya danne GnRH da LH. Sai GnRH zuwa FSH, zuwa Sertoli, zuwa inhibin, wanda ke komawa ya danne FSH kaɗai.

Ga aikin gida. Wani rago ya kai shekarun barbara amma bai balaga ba, an duba an ga fitutarinsa ne ba ya aiki, 'yan marainansa kuwa ba su da wani rauni. Yaya LH, FSH, testostiron da inhibin za su kasance a jininsa, kuma wane gwaji ɗaya ne zai bambanta shi da taure? Ku rubuta amsa da dalili, ku nuna wa malaminku na bayoloji. Za mu warware ta tare a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.