Zoɓo da hawan jini: wane zoɓon ake nufi?

Da zarar zafi ya shigo, ko azumi ya kama, sai maganar ta sake tasowa a majalisa da gidajen biki: zoɓo maganin hawan jini ne. Wasu na faɗa da yaƙini kamar sun ga takardar likita, wasu kuma na yi musu dariya suna cewa camfin mata ne. Masu dariyar ba su da gaskiya. An gwada zoɓo a kan mutane, kuma an ga yana sauke jini. Sai dai masu yaƙinin ma sun zarce inda binciken ya tsaya, kuma zarcewar tasu ce ta fi haɗari.

Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda Diane McKay da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Tufts da ke Boston, aka wallafa a 2010. Sun ɗauki mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa amma bai yi tsanani ba, kuma babu mai shan magani a cikinsu. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna shan kofi uku na jiƙon zoɓo kullum, ɗaya kashin kuma ana ba su wani abin sha mai kama da shi wanda babu zoɓo a ciki. Bayan mako shida, lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓo ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran kuwa da ɗan abin da ya haura maki 1. Lambar ƙasa ma ta ɗan sauka, amma bambancin bai kai wanda masu binciken za su dogara da shi ba.

Ba a Amurka kaɗai aka ga haka ba. A Meziko, inda suke shan zoɓo kamar yadda ake sha a nan, har ma suna sayen wanda ake nomawa a Jigawa, an yi gwaji a 2004 aka kwatanta jiƙon giram 10 na busasshen zoɓo a rabin lita na ruwa da ƙwayar kaftofiril, aka tarar sun yi kusa da juna cikin mako huɗu. Da masu binciken suka sake gwadawa a 2007 da lisinofiril, ƙwayar ce ta fi. A Inugu ma wasu masana na Jami'ar Najeriya sun wallafa gwaji a 2015 a kan sababbin masu hawan jini, suka ga zoɓo ya sauke shi. A wannan shekarar aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje biyar na mutum 390 wuri ɗaya, sai lissafin ya sake faɗawa kusa da na Tufts: maki 7 zuwa 8 a sama, 3 zuwa 4 a ƙasa.

Akwai dalilin da ya sa hakan bai ba masana mamaki ba. Sinadarin da ke ba zoɓo jan launinsa, wanda ake kira antosayanin, yana rage aikin wani sinadari na jiki da ke sa jijiyoyin jini su tsuke. Wannan hanyar ce kaftofiril da lisinofiril suke bi, sai dai su da ƙarfi suke yi. Zoɓo kuma yana ɗan ƙara fitsari, wanda ke rage ruwa da gishirin da jiki ya tara.

Amma duk waɗannan gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan makonni. An san cewa ƙwayoyin hawan jini suna rage shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya domin an bi dubban mutane shekara da shekaru ana ƙirgawa. Zoɓo ba a yi masa irin wannan bibiyar ba. Abin da waɗannan gwaje-gwajen suka nuna shi ne yana sauke lamba a kan na'ura na wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi.

Maki 7 kuma sai an ɗora shi a kan mutum kafin a gane girmansa. A ɗauki magidanci mai shekara hamsin da wani abu, wanda aka auna a asibiti aka samu 168 bisa 102, aka sake aunawa wata rana aka samu kusan haka. Likita ya rubuta masa magani. Ya sha na wata guda, kuɗi suka yi wuya, wani aboki ya ce masa ya koma zoɓo. A ce zoɓon ya yi masa aikin da ya yi wa mutanen Tufts, har ma ya ɗan fi, tunda an lura cewa wanda jininsa ya fi hawa ya fi ganin sauka. Zai tsaya a wajen 155 zuwa 160. Iyakar da ake so ya sauka ƙasa da ita 140 bisa 90 ce. Yana nan cikin haɗari, kuma ba zai ji a jikinsa ba, domin hawan jini yakan yi shekaru yana cin ƙoda da zuciya ba tare da ko ciwon kai ba. Wanda zoɓo zai iya yi wa rana shi ne maƙwabcinsa mai 136 bisa 86, wanda likita ya ce wa ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya riƙa tafiya a ƙasa, ya dawo bayan wata uku. A wurinsa maki 7 babban abu ne.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba, ko da yake ita ce ta fi shafar mai sha a Kano ko Maraɗi: shin zoɓon da aka gwada shi ne zoɓon da ake sayarwa a gora?

Ba shi ba ne. Na gwaji jiƙo ne na zoɓo da ruwan zafi, an auna nauyinsa, mai tsami kamar yadda Allah ya halicce shi. Na kasuwa kuwa an yi shi ne don ya yi daɗi ya sayu, kuma babu laifi a wannan. Ana zuba masa sukari har sai tsamin ya ɓace, a ƙara filebo da garin lemo na leda, wanda shi ma sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum zai sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu. Wanda ya ɗauki kofi uku a rana na irin wannan zoɓon a matsayin magani zai iya cinye kason nan tun kafin ya taɓa shayin safe. Idan yana da ciwon sukari, wanda sau da yawa tare suke tafiya da hawan jini, to ya gyara ɗaya ya ɓata ɗaya.

Akwai kuma kanwa. Mata da yawa sukan jefa 'yar kanwa a tukunyar zoɓo don ta kashe tsami, sukari ya yi auki. Dabara ce mai kyau ga mai sana'a, amma ga mai hawan jini ta zo a karkace ta fuska biyu. Kanwa tana ɗauke da sodiyom, sinadarin nan na cikin gishiri da likita ke cewa a rage. Sannan antosayanin a cikin tsami yake zama daram, idan aka kashe tsamin sai ya fara lalacewa. Duk wadda ta taɓa ganin jan zoɓo ya koma baƙi-baƙi bayan an sa kanwa ta ga wannan sauyin da idonta. Citta da kanumfari da ɓawon abarba ba su ne abin damuwa ba.

Waɗanda ya kamata su yi hattara ba su ne masu shan kofi ɗaya a walima ba. Magana ce ta masu dafa shi da kauri suna sha kullum. Na farkonsu shi ne wanda yake kan magani kuma maganin ya karɓe shi. Mutum ne da lisinofiril ko ƙwayar sa fitsari ta sauko da shi 125 bisa 80, sai ya ƙara da zoɓo mai kauri wanda ke bin hanya ɗaya da maganin. A azumin da ya faɗo cikin zafi, jiki ya wuni babu ruwa, a buɗa baki da kofi biyu sannan a haɗiyi ƙwaya, jinin na iya sauka fiye da yadda ake so. Alamar ita ce jiri idan an miƙe tsaye, ganin duhu-duhu, da kasala, wani har ya faɗi a sahun asham. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 90 bisa 60 tare da waɗannan alamu, zoɓon za a ajiye a je a gaya wa likita, ba maganin za a yanke da kai ba. Wanda jininsa dama ƙasa yake shi ma wannan gargaɗin ya hau kansa. Mai ciwon ƙoda kuwa, wanda ake auna masa ruwa da abinci, kada ya mayar da kowane jiƙo abin sha na kullum sai likitansa ya sani.

Zoɓo yana kuma taɓa yadda jiki ke karɓar wasu magunguna. A Sudan, inda suke kiransa karkade, an nuna tun 1994 cewa shan kulorokwin da shi yana rage yawan maganin da ke shiga jini, kuma tsamiya da lemon tsami ma haka suka yi. An daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, amma darasin bai tsufa ba: a haɗiyi ƙwaya da ruwa, a bar tazara kafin zoɓo.

Batun masu ciki ne ya fi tayar da ƙura. Ana yawan cewa zoɓo na zubar da ciki, kuma babu gwaji a kan mata da ya tabbatar da haka. Abin da ake da shi gwaje-gwaje ne a kan ɓeraye, inda aka ga 'ya'yan waɗanda aka shayar da zoɓo suna da ciki sun yi jinkirin balaga. Ɓera ba mace ba ce, amma tunda ba a nuna cewa yawan shansa lafiya ne ga mai ciki ba, barin mai kaurin har a haihu shi ne ya fi hankali. Abin tsoro na gaske yana wani wurin. Mai cikin da jininta ya hau, ƙafa da fuska suka kumbura, kai na sara, ido na ganin walƙiya, tana bakin jijjiga ne, cutar da ke cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a Arewa. Duk sa'ar da aka ɓata ana dafa mata zoɓo, an ɗebe ta ne daga lokacin da ya kamata a ce tana asibiti.

Wanda jininsa ke kan iyaka, ba ya shan magani, kuma yana son ya gwada, yana da hanyar sanin ko abin ya yi masa aiki. Ya auna jininsa safe da yamma na mako guda, yana zaune ya huta minti biyar, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ya rubuta a takarda. Sannan ya jiƙa kimanin giram 10 na wankakken zoɓo a rabin lita na tafasasshen ruwa na minti goma, ya tace, babu kanwa, sukari kaɗan ko babu, ya sha kullum na mako huɗu zuwa shida, ya sake yin awon mako guda. Matsakaicin awon mako ake kwatantawa da na mako, domin awo ɗaya na iya bambanta da wani da maki 10 saboda hawan bene ko gardama da mai adaidaita. Idan matsakaicin ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, ya ɗauki takardar ya kai wa likita. Idan kuwa na'ura ta taɓa nuna 180 bisa 120, musamman da ciwon ƙirji, nauyin harshe ko mutuwar hannu, a tafi asibiti a ranar.