Kun biya tara, kun ɗauki hoto: to wa zai tsaya masa?

'Yan uwa 'yan jam'iyya, yau da namu nake, ba da 'yan adawa ba. Duk azumi, duk jajibirin Sallah, sai ka ga wani mai muƙami ya ja zuga zuwa Kurmawa ko Goron Dutse, ya biya wa fursunoni tara, a jera su a rana a ɗauki hoto, a watsa a shafuka da taken "Jagora ya 'yanta bayin Allah." Madalla, Allah ya ba da lada. Amma ni tambayata ɗaya ce: da motocinku suka tashi, ina yaron nan ya kwana a daren?

A watan Nuwamban 2023, ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 don biyan tararsu. Tun 2019 kuma doka ta sauya sunan hukumar daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Duk abin a yaba ne. Sai dai ƙofar gidan yari kawai kuɗi ke buɗewa. Ƙofar mai gidan haya da ta mai gareji da ta surukai, mutum ne ke buɗe su, mutumin da zai ce "na tsaya masa."

Mu ɗauki misali. Matashi ne ɗan shekara 24, an kama shi da wayar sata, alƙali ya yanke masa shekara guda ko tara, babu mai biya, ya yi wata bakwai a ciki kafin a fito da shi. A can ya fara koyon walda. Ya je wajen mai walda a bakin titi, aka ce ya kawo wanda ya san shi. Ya nemi a ba shi adaidaita sahu yana kawo balas kullum, aka ce sai da mai tsaya masa wanda zai sa hannu. Ya nemi ɗaki, dillali ya ce bari a tambayi mai unguwa. Ƙofa uku, tambaya ɗaya. A garin nan kaf, wurin da ba a neman mai tsaya wa mutum guda biyu ne: dabar da ya baro, da gidan ɗan siyasa mai neman 'yan jagaliya. Wallahi abin kunyarmu ke nan. Wanda muka ƙi tsaya wa ya riƙe guduma, shi muke nema da gudu idan za a riƙe gora ranar zaɓe.

To me tsayawar take nufi a aikace? Tun kafin ranar fitowa ake farawa. Wani daga dangi ya riƙa ziyara, ya san ranar sallama, ya je bakin ƙofa da kaya masu kyau da kuɗin mota. Sannan a karɓi takarda a adana. Nan mutane ke sakaci. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda kotu ta wanke daban, wanda ya gama wa'adinsa daban, wanda aka ba da belinsa kuma shari'arsa na nan, in ya ƙi zuwa ranar zama za a sake kamo shi. Idan kotu ta wanke ɗanku, ku je wajen magatakarda ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi, ku nuna wa mai unguwa. In ba haka ba, a bakin mutane duk "ɗan fursuna" ne.

Sai masauki. Kada a tura shi shagon samarin da ya fito daga ciki, wai don matan gida na jin kunyar maƙwabta. Gara ɗaki a cikin gida, ko gidan kawu a wata unguwa na 'yan watanni, inda akwai babba mai ganin shigarsa da fitarsa. Kuma kafin ya fara zama a majalisa, a je wajen wanda aka yi wa laifin. Ku sani, tara aljihun gwamnati take shiga, ba ta mayar wa mai waya wayarsa. Uba da mai unguwa da liman su taka ƙafa, a ba da haƙuri, a yi yarjejeniyar biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Ranar da mai wayar ya amsa sallamar yaron a masallaci a gaban jama'a, rabin aikin ya ƙare.

Aiki kuma, don Allah a daina danƙa jari a hannu. Mutumin da ya yi watanni ba ya riƙe ko sisi, ga bashi, ga tsofaffin abokai na jiran a "wanke" fitowa, kuɗin ba za su ga ƙarshen mako ba. A kai shi wajen mai sana'a, mai tsaya masa ya zauna da ubangidan a faɗi gaskiyar abin da ya faru tun ranar farko, don in daga baya ya ji a bakin wani, korarsa zai yi. A yanka masa sallamar kullum. Kada a ba shi ajiyar kuɗi ko mukullin shago a watannin farko. Wannan kariya ce gare shi, domin ko ƙusa ta ɓace shi za a fara kallo. In za a saya masa kayan aiki, su zauna a garejin. Mai tsayawar kuma ya riƙa leƙawa duk mako. Alamun zamewa ba sa ɓuya: barcin rana da yawon dare, fashin aiki ranar Litinin, sabuwar waya da ba a san tushenta ba, jan ido da nauyin harshe. In an ga biyu a ciki, a zauna da shi a ranar, kada a jira 'yan sanda.

Na san abin da 'yan wancan tsagin za su rubuto a ƙasa: "Kai ka kai ɓarawo gidanka mana." Amsata ita ce, tsayawa tana da iyaka, kuma ban ce kowa da kowa ba. Wanda ya ci zarafin yara ba a mayar da shi kusa da yara, ba a kuma tilasta wa wadda aka zalunta ta yafe. Amma yaron waya, da mai bashin da ya gagara biya, da wanda ya shekara uku yana jiran shari'a aka ce ba shi da laifi fa? Ko kun so ko kun ƙi, unguwarku zai dawo. Zaɓin da ya rage muku shi ne ya dawo da ubangida ko ya dawo da wuƙa.

Ga abin da nake nema daga shugabannin jam'iyyarmu, kuma a rubuce nake son amsa. Muna da shugaba da sakatare da shugabar mata da shugaban matasa a kowace mazaɓa. Ranar zaɓe sun san kowane gida. Duk wanda zai biya tarar mutum goma, ya kawo sunayen masu tsaya musu goma da masu sana'a goma kafin a kira mai hoto. A ware wani abu daga kuɗin a ajiye a mazaɓa, in yaro ya yi ɓarna a wajen aiki a biya ubangidansa, don masu sana'a su daina tsoron karɓa. 'Yan majalisarmu na jiha kuma su daina cewa harkar tarayya ce: tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023, jihohi na da hurumin yin doka a kan gidajen gyaran hali.

Bayan wata shida a dawo wannan shafi a faɗa mana mutum nawa ke bakin aiki, nawa suka koma. Wanda ya kasa kawo wannan lissafi, ya riƙe hotonsa, ba ma so.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu dace.