A daina ɗaure wa ƴan kasuwa lissafinsu a kwamfuta ɗaya

Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga wani mai kiran kansa masanin kwamfuta ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa, ya ɗora masa Excel na sata, ya ce masa ya gama zamanantar da shago. Me ya gama? Ya kulle dukiyar mutum a fayil guda, cikin na'ura guda, wadda ɓarawo ko gobara ko lalacewa za ta iya tafiya da ita dare ɗaya.

Ɗauki mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, shago a gaba, sito a wani layin. An sauke turmi 120. Yaron sito ya rubuta a fayil ɗinsa, ya turo ta WhatsApp. Kafin la'asar an sayar da 45 a shago, an rubuta a wani kwafin. Yanzu fayil biyu ne, ɗaya na cewa 120, ɗaya 75, gobe su zama huɗu. Ranar ƙirga kaya sai a rasa wanne ne gaskiya, a hau zargin yaron da bai ɗauki ko ƙyalle ba. Wannan zalunci ne, kuma wanda ya tsara aikin shi ya jawo shi.

Ga mai irin wannan harka, Google Sheets ya fi, kuma kyauta ne. Takarda ɗaya ce kowa ke gani a wayarsa. In wani ya taɓa lamba, Version history zai nuna wanda ya taɓa da lokacin, matuƙar kowa da asusunsa yake shiga.

Amma kada a riƙa goge saura ana rubuta sabo da hannu. A buɗe shafin Shiga da shafin Fita, kowanne da kwanan wata, sunan kaya da adadi. A shafi na uku a jera sunayen kaya, lissafi ya fitar da saura da kansa:

```
=SUMIF(Shiga!B:B,A2,Shiga!C:C)-SUMIF(Fita!B:B,A2,Fita!C:C)
```

In ka ga saura ya fi abin da ke sito, fara duba sunan. Wanda aka rubuta da kuskuren harafi a shafin Fita ba zai shiga lissafi ba.

Na san za a ce mini intanet ɗinmu ba tabbas. Haka ne. Sai a kunna Available offline a manhajar wayar tun da sabis, a ci gaba da rubutu, ya haɗe in sabis ya dawo. Wanda ke zaune shi kaɗai da kwamfutarsa da Excel na halal, yana ajiye kwafi a wani wuri, ba ni da ja da shi.

Abin da ba zan yafe ba shi ne masanin nan ya buɗe takardar da Gmail ɗinsa, ko na yaron shago. Ranar da aka ɓata, mai asusun ke da ikon rufe maka ƙofa. Alhaji, asusun ya zama naka, da lambar wayarka, yara kuma ka ba su izinin Editor, ka janye ranar da suka bar aiki.