Aljihun Iyali: A biya bashin banki tun da wuri, ko a juya kuɗin?

Kaka ta yi a Mutum Biyu, kuɗin masara da shinkafa sun shigo hannu, kuma mai bashi na son sauke nauyi. Kafin ka garzaya banki, zauna da biro.

A ce malamin makaranta ya karɓi naira 600,000 na wata 12, kuɗin ruwa naira 18,000 kowane wata, ga 50,000 na uwar kuɗi. Bayan wata takwas, saura uwa 200,000, ruwa 72,000. Yanzu ga 200,000 a hannunsa.

Da farko ya nemi banki ya rubuta masa nawa zai biya idan ya rufe bashin yau. Wasu sukan yafe ragowar ruwan, wasu su ci tara, wasu kuwa sai an biya 272,000 cif. In na ƙarshen ne, gaggawa ba ta rage masa ko kwabo.

In an yafe, ya tsira da 72,000, babu kasada. In kuwa masara zai saya ya ajiye wata huɗu, sai ribarta ta haura 72,000, wato kashi 36 cikin ɗari, bayan an cire dako, maganin ƙwari da hayar sito. Farashi kuma yakan faɗi, kamar yadda masu ajiye hatsi suka gani a 2025. A wannan lissafin, biyan bashin ya fi.

Sai dai a ware kuɗin asibiti da na makarantar yara tukuna. Wanda ya kwashe komai ya kai banki, zazzaɓin yaro ɗaya kan mayar da shi neman sabon bashi.