Dala ashirin a hannun yaro ba karin kumallo ba ce

A gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, idan ƙarfe 8 ta gabato kuma tukunya ba ta hau wuta ba, sai a damƙa wa yaro dala ashirin a ce ya sayi wani abu a hanya. Kuɗin kan ƙare a alewa da biskit, ko koko tsararo. Kafin ƙarfe 10 yunwa ta dawo, malam na magana yaro na hamma.

A ganina matsalar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Kokon da ya sha ruwa yana cika ciki na ɗan lokaci ne kawai. Abin da ke riƙe yaro har tashi shi ne kunu mai kauri wanda aka haɗa hatsi da wake da gyaɗa, kuma ana iya gama wahalarsa tun ranar Lahadi.

A auna kofi 6 na gero, kofi 2 na waken suya, kofi 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke geron ya bushe, sannan a soya kowanne daban ba tare da mai ba, don ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba. Waken suya ya fi bukatar haƙuri: a bar shi sai ya yi ja ya soma ƙamshi, a ɓarza a sheƙe ɓawon. Idan bai soyu ba, kunun zai yi ƙarni, ya kumbura wa yaro ciki. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar da ita, domin wuta ba ta kashe gubarta. Daga nan a haɗa a kai inji, a baza garin ya huce, a zuba a roba mai murfi. Saboda man gyaɗar, a lokacin zafi kada a niƙa fiye da na mako biyu. Da zarar ƙamshin ya juya, ya lalace.

Da safe kofi 1 na garin da kofi 3 na ruwa ya ishi yara biyu. A dama garin da kofi ɗaya na ruwan sanyi tukuna, in ba haka ba zai yi gudaji, sannan a juye cikin sauran ruwan yana tafasa, a riƙa juyawa minti 10. A sa sukari kaɗan, da tsamiya idan akwai. Kunun da ya yi daidai yana kama cokali, ba ya zuba kamar ruwa.

Wasu iyaye za su ce yara na gundura da abu ɗaya, kuma gaskiyarsu. Ranar da tuwo ya kwana a yi ɗumame, muddin miyar ta sake tafasa sosai. Dala ashirin ɗin kuma ta tafi wajen mai ƙosai, a ci da kunun a gida.

Ƴan uwa da ke ci-rani, idan za ku turo kuɗin wata, ku ware na gero da wake da niƙa, ku faɗa wa gida na kunun yara ne.