Dogon wuya ko gajere: wane kambas ne ke kare idon sawu a ƙwallon kwando?

A wannan makon za mu shiga wata gardama da ba ta ƙarewa a bakin filin ƙwallon kwando. Wasu sun ce kambas mai dogon wuya, wanda ke rufe idon sawu, shi ne garkuwar ɗan wasa. Wasu kuma sun ce mai gajeren wuya ya fi sauƙin gudu, ba kuma ya jawo wani rauni. Magana ce ta kuɗin da iyaye za su fitar, magana ce kuma ta ƙafar da za ta kai ku makaranta gobe, don haka bari mu duba abin da bincike ya gano.

Mu fara da yadda targaɗe ke faruwa. Ku shafa tudun ƙashin nan na gefen idon sawunku ta waje. A gabansa da ƙasansa akwai wasu jijiyoyi gajeru masu ƙarfi da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, kamar yadda igiya ke ɗaure itace biyu. Idan ɗan wasa ya yi tsalle ya diro a gefen ƙafarsa, tafin ƙafar ya juya ciki, sai nauyin jikinsa duka ya hau kan waɗannan jijiyoyi. Sai su miƙe fiye da kima, ko su yage. Wannan shi ne targaɗen da aka fi gani a wasan, kuma yana aukuwa kafin ƙiftawar ido.

Masu goyon bayan dogon wuya suna da hujja mai kama hankali. Sun ce idan ƙafa za ta lanƙwashe, wuyan takalmin zai tare ta. A ɗakin gwaji ma an ga wani abu mai kama da haka: idan aka tsayar da mutum a kan wani katako da ke karkacewa ba zato, dogon wuya yakan ɗan rage lanƙwasar a wasu gwaje-gwajen. Sai dai tsayuwa a kan katako daban, dirowa daga sama a kan ƙafar abokin karawa daban. Wuyan takalmi soso ne da yadi ko fata mai laushi, kuma yana sassautawa idan wasa ya yi nisa. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, a fili wa ya fi jin rauni?

An gwada wannan kai tsaye a Amurka, a wani bincike da aka wallafa a 1993. An ɗauki ɗaliban jami'a 622 masu buga gasar cikin gida, aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka ba su mai dogon wuya, na biyu mai gajeren wuya, na uku kuma mai dogon wuya da ake hura wa iska don ya ƙara matse idon sawu. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada masu raunin ƙafa su taru a kan takalmi iri ɗaya su ɓata lissafi. Aka yi wata biyu ana wasa ana ƙirga raunuka.

A ƙarshe an samu raunin idon sawu guda 15. Bakwai sun faru ga masu dogon wuya, huɗu ga masu gajeren wuya, huɗu ga masu na iska. Kada mu yi saurin cewa ai gajeren wuya ya yi nasara. Kowane kashi bai yi mintuna iri ɗaya a fili ba, kuma da aka auna raunukan da mintunan da kowa ya buga, ratar ba ta taka kara ta karya ba. Bambancin bakwai da huɗu irin wanda sa'a kaɗai kan iya kawowa ne. Mutum uku ne kacal tsakani, kuma mummunan dirowa uku a mako guda zai iya juya lissafin. Abin da masu binciken suka kammala a kai shi ne ba su ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin tsayin wuyan takalmi da targaɗe ba.

Wannan bincike yana da iyakarsa. Rauni 15 sun yi kaɗan a gano wani ƙaramin amfani idan akwai shi, kuma takalman wancan zamani ba irin na yau ba ne. To amma da a ce dogon wuya babbar garkuwa ce kamar yadda ake faɗa, da alamar hakan ta bayyana. Manyan 'yan wasa ma sun rabu a kan zaɓin. A 2008 kamfanin Nike ya fitar wa Kobe Bryant takalmi mai gajeren wuya, bayan shi da kansa ya nemi a yi masa mai kama da na 'yan ƙwallon ƙafa, waɗanda ke gudu da juyi ba tare da an rufe musu idon sawu ba. Daga nan irin wannan takalmi ya bazu a gasar NBA. Zaɓin tauraro dai ba hujjar kimiyya ba ce, amma ya nuna ba a mayar da dogon wuya farilla ba.

To idan ba wuyan takalmi ba ne, me ke raba mai jin rauni da wanda ya tsira? A ƙasar Ostireliya an zauna a bakin fili ana lura da 'yan wasa, har aka ƙirga fitowa wasa sama da 10,000, aka wallafa sakamakon a 2001. Kusan rabin raunukan idon sawu wajen dirowa suka faru, rabin waɗannan kuma a kan ƙafar wani ɗan wasa aka diro. Babban abin da aka gano shi ne wanda ya taɓa yin rauni a idon sawu ya fi wanda bai taɓa yi ba shiga haɗari kusan sau biyar. Dalili kuwa, jijiyar da ta yage takan warke da ɗan sako-sako, kuma saƙon da take aika wa ƙwaƙwalwa game da inda ƙafa ta dosa yakan yi rauni. Sai ƙafar ta riƙa dirowa a karkace mai ita bai sani ba. Kun ga ke nan tarihin ƙafarku ya fi wuyan takalminku nauyi a ma'auni.

Abu biyu ne aka gwada a kan sa'o'inku, 'yan sakandare, aka ga sun yi aiki. Na farko shi ne ɗamarar idon sawu mai igiya. Ana sa ta a kan safa, a ɗaure igiyarta tamau, a zagayo da maɗaurinta ta ƙarƙashin tafin ƙafa, sannan a sa takalmi. Ba ita ce safar roba mai laushi da ake zurawa kawai ba. A jihar Wisconsin ta Amurka an gwada ta a kan 'yan ƙwallon kwando 1,460, maza da mata, aka wallafa a 2011. Masu ɗamarar sun samu rauni 27, marasa ita 78. Idan aka auna da yawan fitowa fili, 0.47 ne a cikin kowace fitowa dubu ga masu ɗamara, 1.41 ga marasa ita.

Bari mu sauko da waɗannan lambobi ƙasa. A ce ƙungiyar makarantarku tana da 'yan wasa 10, kuma a shekara kun fito atisaye da wasa sau 100. Fitowa 1,000 ke nan. Idan makarantu goma irin taku suka haɗu, fitowa 10,000 ce. Ba ɗamara, za a sa ran rauni kusan 14. Da ɗamara kuwa, kusan 5. Ɗalibai tara ke nan da ba za su yi ɗingishi zuwa aji ba. Sai dai ku lura, ɗamarar ta rage yawan raunukan ne, ba ta rage tsananin waɗanda suka faru ba.

Abu na biyu ba ya cin ko kwabo, wato atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya. A wani binciken na Wisconsin da ya fito a 2006, an bi ɗalibai 765 masu ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando. A cikin waɗanda suka yi atisayen, kusan 6 cikin ɗari ne suka yi targaɗe, a cikin sauran kuwa kusan 10 cikin ɗari. Ga yadda za ku fara: ku tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, ku sauya ƙafa. Idan kun ƙware, ku yi kuna buga ƙwallo a ƙasa ko kuna jefa wa aboki. Daga nan ku gwada da ido a rufe, kusa da bango. A binciken sun ƙara da wani katako mai lilo, ku kuma matashin kai da aka ajiye a ƙasa zai ba ku wurin takawa mai motsi. Minti goma sau uku a mako shi ne abin da suka riƙa yi bayan an shiga kakar wasa.

Yanzu mu koma wurin mai sayar da takalmi. Ɗauki ɗalibin da ya yi targaɗe a zangon da ya wuce, ga kuɗi kaɗan a hannunsa. A gabansa akwai mai dogon wuya na gwanjo, kyakkyawa a ido amma tafinsa ya suɗe, ga kuma mai gajeren wuya da zanen tafinsa ke nan daram. Shawararmu ita ce ya ɗauki na biyun, ragowar kuɗin ya nemi ɗamara. Filayenmu da yawa na siminti ne, kuma idan ƙurar hunturu ta kwanta a kansu, suɗaɗɗen tafi santsi yake yi.

Ko wane iri kuka zaɓa, ku yi masa gwaji uku. Ku ɗora shi a kan tebur ku dube shi ta baya. Idan ya karkata gefe guda, diddigen ya cinye, ku ajiye shi. Ku matsa bayan diddigen da babban yatsa. Idan ya lotsa kamar kwali, ba zai riƙe ƙafa ba. Sannan ku sa shi da safar wasa, ku ɗaure igiya har ramin ƙarshe, ku yi taku gefe da gefe. Idan ƙafar tana yawo a ciki, ya yi muku yawa. Wanda ya fi jin daɗin dogon wuya ya sa abinsa, ba laifi, amma barin igiyarsa a kwance don ado ya mayar da wuyan hoto kawai.

Idan kuma tsautsayi ya gitta, ku fita daga fili nan take, ku ɗaga ƙafar sama, ku ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. Idan ba za ku iya taku huɗu a kanta ba, ko kuma danna kan ƙashin idon sawun kansa yana sa zafi mai tsanani, to a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja ko ya murza, domin karaya na iya ɓuya a bayan kumburi. Kada ku koma wasa sai kun iya gudu, da juyi, da tsalle a kan wannan ƙafa ɗaya ba tare da zafi ba.