Dodon da ya tona asirin masu takobi ɗaya: darasin Alatreon a wasan Monster Hunter

A watan Yulin 2020 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya ƙara wani dodo mai suna Alatreon a cikin Iceborne, ƙarin da ya yi wa wasansa Monster Hunter: World na shekarar 2018. Cikin 'yan kwanaki 'yan wasa da dama suka cika shafin wasan a dandalin Steam da ƙorafi. Kukansu shi ne dodon ya tilasta musu ajiye makaman da suka daɗe suna taƙama da su. Amma idan aka duba lamarin da idon basira, Capcom ce ke da gaskiya. Alatreon bai karya dokar wasan ba, tambaya ya yi a kan darasin da aka daɗe ana tsallakewa.

A wannan wasa makami yana yin ɓarna iri biyu. Akwai ƙarfin sara tsagwaronsa, sannan akwai sinadarin da makamin ke ɗauke da shi, wanda ba ya wuce ɗaya cikin biyar: wuta, ruwa, tsawa, ƙanƙara, da wanda ake kira Dragon. Yawancin dodanni suna da sinadarin da ke cin jikinsu da wanda ba ya yi musu komai. Ba a ɓoye wannan bayani ba. Yana nan a cikin Hunter's Notes, inda taurari uku ke nufin sinadarin yana cin dodon sosai, alamar X kuma ke nufin aikin banza ne. Anjanath mai aman wuta ruwa ne maganinsa. Diablos na cikin sahara ƙanƙara ce ke karya shi. Wanda ya ɗauki takobin wuta ya tunkari Rathalos kuwa, ya yi asarar duk wutar da ke jikin takobin, sai ƙarfin sara kawai ya rage masa.

To me ya sa mutane da yawa suka yi watsi da wannan tsari? Amsar tana cikin lissafi. Lambar sinadarin da ake gani a jikin makami sai an raba ta gida goma kafin a sami ta ainihi. Makamin da aka rubuta wa 300 na ƙanƙara, 30 ke gare shi. A ɗauka, a matsayin misali, gaɓar da ake sara tana karɓar kashi 25 cikin 100 na ƙanƙara. Kowane sara zai ƙara ɓarnar da ba ta wuce 7 ko 8 ba. Abin lura shi ne wannan ƙari ba ya bin nauyin sara kamar yadda ƙarfin sara ke yi, yawan saran yake bi. Mai riƙe da Dual Blades, tagwayen wuƙaƙe masu sauri, idan ya yi sara goma a jere zai tara wajen 75 a dunƙule. Mai Great Sword, ƙaton takobin nan mai nauyi, a daidai wannan lokaci wataƙila sara ɗaya ko biyu ya yi, ribarsa 'yar kaɗan ce ko da an haɗa da ɗan ƙarin da tara ƙarfi ke bayarwa.

Saboda haka masu manyan makamai suka koyi cewa sinadari bai dame su ba, kuma a yawancin farauta ba su yi kuskure ba. Kuskuren ya zo ne lokacin da dabarar da ta dace da makami mai nauyi ta zama aƙidar kowa, har da masu baka da tagwayen wuƙaƙe, waɗanda babban kaso na ƙarfinsu a sinadari yake.

Alatreon ya zo ya rusa wannan aƙida. Yana sauya yanayi tsakanin wuta, Dragon da ƙanƙara. Idan yana yanayin wuta, ƙanƙara ce ta fi cinsa, wuta kuma ba ta yi masa komai. Idan ya koma yanayin ƙanƙara, sai abin ya juya. Bayan wani lokaci yakan saki hari mai suna Escaton Judgment, wanda ba a kauce masa, kuma yana kashe kowa idan ba a raunana shi ba. Hanyar raunana shi ɗaya ce: a zuba masa ɓarnar sinadari har ta kai wani mizani, ya faɗi ƙasa. Daga nan ne mafarauci zai iya tsira ta hanyar shan magani yayin da harin ke cin jininsa. Idan mutum huɗu ne suka kasa kai mizanin, duka za su faɗi lokaci guda, farautar ta watse.

Shirin da ke aiki a bayyane yake. Idan Alatreon zai fara da wuta, makamin ƙanƙara ake ɗauka, a dage da sara tun farko don a kayar da shi kafin ya sauya. Idan ya shiga yanayin Dragon sai a koma kan ƙahoninsa, domin a wannan yanayi ne kaɗai suke karyewa. Karya ƙaho yana hana shi tsallakawa zuwa ƙanƙara, sai ya dawo wuta, makamin da ke hannu ya ci gaba da amfani. Wanda ya manta da ƙahon zai tarar da kansa yana saran dodon ƙanƙara da takobin ƙanƙara.

Masu ƙorafi suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Wasan ya shafe lokaci mai tsawo yana saka wa masu dogaro da ƙarfin sara kaɗai, har da wata baiwa mai suna Non-elemental Boost da ke ƙara wa makamin da ba shi da sinadari ƙarfi. Ba daɗi a koya wa mutum hanya ɗaya, sannan a tare shi a ƙarshenta. Sai dai alamun sun daɗe a fili. Barroth, ɗaya daga cikin dodannin farko-farko, wuta ce ke cinsa idan jikinsa a bushe yake. Da zarar ya yi birgima a taɓo, wutar ta daina aiki, sai ruwa, wanda kuma ke wanke taɓon. Darasin Alatreon ke nan tun a farkon wasa, bambancin kawai shi ne Barroth yana yafe wa wanda bai kula ba.

Akwai tarko biyu da ke yaudarar ko da wanda ya yi niyyar gyara. Na farko, wasu makamai suna nuna sinadarinsu a dushe cikin baka biyu, ma'ana yana kulle, ba ya aiki sai an saka baiwar Free Elem/Ammo Up. Na biyu, lambar ɓarna mai launin lemo da ke fitowa idan an yi sara tana nuna an sami gaɓa mai laushi ne ga sara, ba ta tabbatar da cewa sinadarin yana ci ba. Wannan sai an koma ga taurarin da ke cikin littafin mafarauci.

Abin da ya dace ba ya buƙatar tara makamai barkatai. Mai amfani da makami mai sauri ya ƙera guda biyar na irin makamin da ya saba da shi, ɗaya ga kowane sinadari, ya adana kowanne da sulkensa a akwatin kaya don ya sauya cikin daƙiƙu kafin ya fita. Mai makami mai nauyi yana iya riƙe babban takobinsa a yawancin farauta, amma ya tanadi na wuta da na ƙanƙara saboda ranar Alatreon. Minti ɗaya na duba taurari kafin a bar sansani ya fi minti talatin na saran da dodo ba ya ji.